Yadda Tiransista Ke Ninka Ƙaramar Murya Sau 180

Muryar da ke fitowa daga makirufo ba ta wuce 'yan milibolt ba, ko kunnen sauro ba za ta cika ba. Abin da ke ɗaga ta har ta kai lasifika shi ne tiransista, ɗan baƙin abin nan mai ƙafa uku irin BC547 da ake gani a teburin mai gyaran rediyo. Ƙafafun su ne bes, kwalekta da emita. Idan aka shigar da sigina ta bes, aka ɗauke ta a kwalekta, emita kuma ta zama ta tarayya a tsakaninsu, shi ne haɗin da injiniyoyi ke kira kwaman-emita. To sau nawa yake ninka sigina?

Wahalar lissafin ita ce tiransista ba ya tafiya a miƙe. Ka ƙara wa bes milibolt 60 kacal, karant ɗin kwalekta ya ninku kusan sau goma. Sai masana suka yi dabara. Duniya ƙwallo ce, amma mai auna fuloti yana ɗaukar filinsa a shimfiɗe, kuma ba ya yin kuskure. Haka nan idan aka tsayar da tiransista a kan wani karant, aka riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan, ɗan yankin da yake kai-komo a ciki kamar miƙaƙƙen layi ne. Zanen da ke wakiltar wannan yanki shi ake kira haibirid-fai, saboda ya yi kama da harafin Girka π.

Abu biyu ne ginshiƙinsa. Tsakanin bes da emita akwai rasista, rπ. Tsakanin kwalekta da emita kuma akwai mafitar karant wadda boltejin da ke kan rπ ke juyawa, kuma gm ne ma'aunin ƙarfin juyin:

```
gm = IC / VT
rπ = β / gm
```

IC shi ne karant ɗin da aka tsayar da tiransista a kai, VT kuwa kusan milibolt 26 ne a zafin ɗaki. Akwai na uku, ro, amma yawanci yana da girma sosai har ana iya kau da kai daga gare shi a lissafin farko.

Mu ɗauki misali. Batir mai bolt 12, karant miliamfa 1, rasistar kwalekta RC mai om 4,700, an kuma kewaye rasistar emita da kafasita. Nan gm ya zama 1 a raba da 26, wato kusan miliamfa 38.5 a kowane bolt. Idan β ya kai 200, rπ zai kama om 5,200. Sigina vin ta sauka a kan rπ, ta haifar da karant gm × vin a kwalekta. Wannan karant ya ratsa RC, kuma duk abin da RC ta ci na boltej, daga kwalekta aka rage shi. Saboda haka:

```
vout = -gm × vin × RC
Av = vout / vin = -gm × RC
```

Lissafi ya ba da kusan -180. Milibolt 5 a bes ya koma milibolt 900 a kwalekta. Alamar ragewar nan tana nufin sigina ta fito a kife ne: bes na hawa, kwalekta na sauka.

Ka lura β bai shiga ninkin ba sam. A ganina wannan ne abin da ya fi dacewa mai koyo ya riƙe, domin da yawa suna ɓata lokaci wajen neman tiransista mai babban β, alhali karant da RC ne ke yanke hukunci. Aikin β yana wurin rπ, wato nauyin da ake ɗora wa abin da ke kawo sigina. Kuma 180 ɗin nan na kwalekta ne da ba a jingina mata komai ba. Ka haɗa mata mataki na gaba mai om 10,000, ninkin ya sauko kusan 123.

Sharaɗin dai shi ne sigina ta kasance ƙarama da gaske, ƙasa da VT sosai. Da milibolt 10 ma an fara kaucewa: a hawa karant yana ƙaruwa da kashi 47 cikin ɗari, a sauka yana raguwa da kashi 32 kawai. Gefe ɗaya ya fi ɗaya, murya ta fara shaƙewa.

Lissafin yana taimakawa har a teburin gyara. Kafasitar emita takan bushe idan ta tsufa, musamman a wuri mai zafi. Da ta mutu, rasistar emita, a ce mai om 1,000, sai ta shiga hanyar sigina, ninkin ya zama 4,700 a raba da 1,026, wato kusan 4.6. Rediyo tana magana, amma can ƙasa-ƙasa, kuma idan ka sa mita a ƙafafun tiransista za ka tarar da boltej daidai yake. Idan ka ga haka, kada ka yi saurin cire tiransista, fara gwada kafasitar.