Awa Biyu Fotal a Rufe: Rahoton da Shugabanni Za Su Gane

A duk makarantar da ta mayar da rajista da biyan kuɗi da duba sakamako kan intanet, ranar da fotal ya tsaya ba ta wucewa shiru. Ɗalibai su yi cincirindo a ƙofar magatakarda, iyaye su yi ta bugo waya. Da ƙura ta lafa kuma, sai a nemi sashen kwamfuta ya rubuto bayani. A nan ne ma'aikata da yawa ke tuntuɓe, domin sukan cika takarda da kalmomin sana'arsu, alhali shugaban makaranta abu uku yake son ji: wa abin ya shafa, me ya jawo shi, me za a yi kada ya sake faruwa.

A ɗauki misalin wata kwaleji da fotal ɗinta ya rufe ranar Litinin, ana makon ƙarshe na rajista. Rahoto mai kyau zai soma da abin da mutane suka gani: daga ƙarfe 8:10 zuwa 10:10 na safe, duk wanda ya buɗe shafin sai wayarsa ta gargaɗe shi cewa wurin ba amintacce ba ne, da rubutun NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Rajista ta tsaya, biyan kuɗi ya tsaya. Nan take sai rahoton ya amsa tambayar da ke cin ran ma'aji: an bincika, ba kutse ba ne, kuma ba a rasa bayanan kowa ba.

Sai jerin lokuta. Ƙorafin farko ya isa ofishin magatakarda 8:35, amma bai kai ga sashen kwamfuta ba sai 9:05. An gano matsalar 9:20, aka kammala gyara 10:10. Wannan jeri kaɗai ya fallasa wani abu: minti 55 sun tafi kafin masu gyara su ma san akwai matsala, kusan rabin lokacin ke nan.

Bayanin dalili shi ne gwajin gwanintar marubuci. Kowane shafi mai adireshin da ya fara da https yana da takardar shaidar tsaro, wadda take kamar lasisin tuƙi: tana da ranar ƙarewa. Hukumar Let's Encrypt, wadda ke bayar da irin wannan shaida kyauta, ta saba ba ta wa'adin kwana 90, kuma manhajar certbot kan sabunta ta da kanta idan ya rage kwana 30. To me ya hana ta a wannan karo? Mako shida kafin ranar, an ƙara tsaurara tsaron sabar, aka rufe ƙofar sadarwa mai lamba 80. Ta wannan ƙofar ce hukumar ke tabbatar da cewa shafin na kwalejin ne. Manhajar ta shafe wata guda tana gwadawa kullum tana kasawa, tana rubuta kasawar a kundin da babu mai dubawa. Ga shi kuma tun watan Yunin 2025 Let's Encrypt ta daina aika saƙon tunatarwa ta imel.

Saboda haka ƙarewar shaidar ita ce ta rufe fotal, amma tushen matsalar shi ne babu abin da ke sanar da mutum idan sabuntawa ta gaza. Rahoton da ya tsaya a kan "shaida ta ƙare, an sabunta" ya bar ramin a buɗe.

Ba a kuma rubuta sunan wanda ya rufe ƙofar. Littafin Site Reliability Engineering da injiniyoyin Google suka fitar a 2016 ya yaɗa wannan tsari na bincike ba tare da ɗora laifi ba, don ma'aikacin da ke tsoron takardar tuhuma yakan ɓoye abin da ya taɓa. Abin tambaya shi ne me ya sa aka yi canji a sabar ba tare da gwaji ba.

Ɓangaren gyara kashi biyu ne. Wanda aka riga aka yi: an buɗe ƙofar, an sabunta shaidar, an tabbatar da wannan umarni:

```
certbot renew --dry-run
```

Wanda ya rage kuwa, kowanne da ofishin da zai yi shi da ranar gamawa: a kafa manhajar sa ido daga wajen makaranta da za ta riƙa leƙa shafin duk minti biyar, ta kuma aika saƙo ga mutum biyu idan shaidar ta rage kwana 14, a riƙa yin gwajin nan bayan kowane canjin tsaro, a ba magatakarda lambar wayar mai jiran aiki.

Layin ƙarshe na shugabanni ne, domin akwai hukuncin da su kaɗai za su yanke: amincewa da kuɗin manhajar sa ido, da ƙara wa ɗalibai kwana ɗaya na rajista ba tare da tarar makara ba. Duka wannan ya kamata ya shiga shafi ɗaya, ya isa teburinsu cikin kwana biyu, bayanan fasaha kuma su biyo baya a rataye.