Maki 200 a Jarrabawar Gwaji: Ina Sauran Suka Zube?

Jarrabawar shiga jami'a da hukumar JAMB ke shiryawa tambayoyi 180 ce cikin sa'o'i biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowanne daga darussa uku da ɗalibi ya zaɓa. Idan aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ta samu. Ɗalibin da ya saba amsa tsofaffin tambayoyi a kishingiɗe, waya a gefe, yana leƙa amsa duk sa'ad da ya cije, bai san nauyin daƙiƙa 40 ba tukuna.

Shi ya sa hukumar ta fara shirya jarrabawar gwaji a 2017, ga wanda ya nuna yana so lokacin rajista. A cibiyar kwamfuta ake yin ta, kuma duk mai hali ya kamata ya zauna mata, musamman wanda hannunsa bai saba da kwamfuta ba. A nan zai koyi danna A, B, C ko D don zaɓen amsa, N don wucewa gaba, P don komawa baya. Sai dai sakamakonta makin kowane darasi kawai yake nunawa, ba ya faɗin tambayoyin da aka faɗi. Wannan giɓin gwajin gida ne ke cike shi.

Gwajin gida yana da sharuɗɗa. A samu cikakken jerin tambayoyin da ba a taɓa gani ba. A zauna a kan kujera da safe, a ba wani ya riƙe agogo da waya, babu littafi, babu tashi shan ruwa. Minti 120 na cika a tsaya, ko da saura tambaya talatin. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: duk amsar da aka yi ta canki-canki a sa mata alama a takarda, domin wadda aka dace da ita yau ba lalle a dace da ita ranar jarrabawa ba.

Mu ɗauki misalin ɗaliba mai neman karatun haɗa magunguna. A lissafin gida, inda kowane darasi ke da maki 100, ta ci 33 cikin 60 a Turanci, wato 55; Bayoloji 65; Kimistiri 45; Fiziks 35. Jimilla 200 cikin 400. Da ganin haka iyaye za su ce Fiziks ne ba ta iya ba, a nemo malamin darasi ya faro mata littafin daga farko. Ina ganin wannan gaggawa ce, kuma tana iya cinye makonnin da suka rage a banza.

Maki 35 na nufin ta ci 14, ta rasa 26. Da ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ta tarar 10 ba ta ma kai gare su ba, saboda ta ɓata minti 50 a Turanci, Fiziks kuma shi ta bari ƙarshe. Shida ta san su sarai, sauri ne ya kayar da ita: nan ta manta mayar da santimita zuwa mita, can ta tsallake kalmar da ta juya ma'anar tambaya. Goma ne kaɗai ba ta sani ba da gaske, bakwai daga ciki kuma a babin lantarki suke.

Ashe ciwo uku ne, kowanne da maganinsa. Na lokaci ba ya bukatar karatu ko kaɗan: ta yanke wa Turanci minti 35, Bayoloji 20, ta ba Kimistiri da Fiziks 30 kowanne, ta ajiye biyar na dubawa. Tambayar da ta cije a zaɓa mata amsa a wuce, tunda ba a rage maki don kuskure. Kurakuran sauri kuwa ta rubuta su a littafi guda, ta riƙa karantawa kafin kowane gwaji. Babin lantarki shi ne zai ci yawancin lokacinta: ta buɗe manhajar JAMB ta ga abin da aka lissafa a ƙarƙashinsa, ta karanta, sannan ta warware tsofaffin tambayoyin babin kaɗai har hannunta ya faɗa. Haka za ta yi wa Kimistiri. Bayoloji kuwa, da take jin daɗin karantawa, bitar sa'a guda a mako ta ishe shi.

Bayan mako biyu sai ta sake zama da sababbin tambayoyi, bisa sharuɗɗan farko. Kafin ta duba jimilla, ta fara ƙirga tambayoyin da ba ta kai gare su ba, da waɗanda ta ci a babin lantarki. Idan waɗannan ba su motsa ba, tsarin bitar ne ke bukatar gyara.