Kafin Nas Ta Tafi Biki, Wa Zai Tsaya a Kan Marasa Lafiya?

Ma'aikacin ofis yana iya rufe fayil ya tafi hutu, ya dawo ya tarar da shi inda ya bari. Nas ba ta da wannan damar, domin mai naƙuda ba ta san ana biki ba. A yawancin asibitocinmu aiki kashi uku ne: na safe, na yamma da na dare, kuma shugabar ɗaki ce ke tsara jadawalin da ake kira rosta, galibi na wata guda.

A ɗauka wata nas ce a ɗakin haihuwa, za a aurar da ƙanwarta, tana son Juma'a zuwa Lahadi. Da ta yi magana kafin a fitar da rosta, da an jera mata ranakun hutunta a nan. To, rosta ta riga ta fita: Juma'a safe, Asabar yamma, Lahadi dare. Ke nan gurbi uku za ta cike.

Na Juma'a bai ba ta wuya ba. Ta sami abokiyar aiki mai hutu a ranar ta ce, "Sista, don Allah ki riƙe min safiyar Juma'a, ni kuma na karɓar miki ta Laraba." Musaya ce, ba kyauta ba, kuma an faɗi ranar biya.

Na Asabar ne mai tarko. Wadda ta fara amsawa tana da aikin safe a ranar. In ta zarce, za ta yi sama da awa 12 a tsaye, kuma a irin wannan gajiya ake kuskuren awon magani. Sai aka nemi wata.

Na Lahadi ya fi nauyi. Da dare ma'aikata sun fi ƙaranci, don haka wadda za ta maye gurbin ungozoma dole ita ma ta zama ungozoma. Idan jini ya ɓalle wa mai jego da ƙarfe 2 na dare, ɗaliba ba za ta iya ita kaɗai ba.

Bayan duka ukun sun amince, sai ta rubuta takarda ga shugabar ɗaki, da ranaku da sunan mai riƙe kowane gurbi, kowa ta sa hannu, a gyara rosta. Nan ne da yawa suke tuntuɓe. Alkawarin baki ko na waya ba ya canja komai: idan mai riƙewa ba ta zo ba, sunan da ke kan rosta shi za a tuhuma, wadda ta yi aikin yamma kuma ba ta da halin tafiya gida sai ta sami wadda za ta miƙa wa marasa lafiya.

Shi ya sa ranar Alhamis, kafin ta tashi, nas ɗin nan ta tsaya gaban allo ta tabbatar da idonta cewa an soke sunanta a wuri uku.