Bashin Sefa, Cinikin Naira: Ramin Da Ke Jiran 'Yan Kasuwar Bakin Iyaka

Duk wanda ya san kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ya san kuɗi iri biyu ne ke yawo a cikinta. Akwai naira da ake ƙirgawa a hannu, akwai kuma sefa da ake lissafawa a ka. Haka abin yake a Zurmi, wadda ta yi iyaka da jihar Maraɗi ta Nijar, haka kuma a Kaura Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929 ya mai da garin matattarar fatake. Dabbobi da wake da aya suna gangarowa daga Nijar, hatsi da kayan masarufi suna haurawa can. Mafi yawan wannan ciniki a kan amana yake tafiya: ɗauki kaya, in ka sayar ka kawo kuɗi. Wata sa'a ma kuɗin ne tsaba ɗan'uwa ko ubangida na Maraɗi zai miƙo, ya ce a juya, a dawo masa da abinsa bayan wata tara ko shekara, ba ruwa, ba ƙari.

Wannan "ba ruwa" ita ce ke sa mutum ya saki jiki. Bashin da aka ƙulla da sefa, sefa za a biya, alhali mai cin bashin naira yake samu. Tsakanin ranar karɓa da ranar biya akwai farashin canji, shi kuwa ba ya hannun mai bayarwa, ba ya hannun mai karɓa.

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa a Zurmi ya karɓi sefa miliyan 5 a watan Mayun 2023, wato jaka dubu biyar. A lokacin dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji, jakar sefa kuwa tana wajen naira 1,250. Da ya canza, naira miliyan 6 da dubu 250 suka shigo hannunsa. Ya sari kayan shago, ya rarraba wa ƙananan 'yan tireda, wasu kuɗi hannu, wasu bashi. Kasuwa ta yi masa kyau, ya ci ribar kashi 20 cikin ɗari, uwar kuɗi da riba suka tashi naira miliyan 7 da rabi. A littafinsa ya ci naira miliyan 1 da dubu 250.

A ranar 14 ga Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji, ya saki naira ta nemi farashinta. A farashin hukuma dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki. Farkon 2024 aka sake wata faɗuwar, har dala ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu. Jakar sefa ta bi ta, ta kai naira 2,500, wasu ranakun ma ta wuce. To, wa'adin mutuminmu ya cika a wannan watan. Jaka dubu biyar a kan 2,500 ta zama naira miliyan 12 da rabi. Abin da ke hannunsa miliyan 7 da rabi ne. Ko ya miƙa uwar kuɗi da riba gaba ɗaya, saura miliyan 5 a wuyansa. Mai bashinsa bai ƙara masa ko sefa ɗaya ba, bai kuma zalunce shi ba, sefa miliyan 5 ya bayar, ita yake nema. Shi ma ɗan kasuwar bai ci dukiyar kowa ba. Amma gona ko gida ko mota sai an sayar kafin a fita kunya.

Akwai lissafin da ya kamata a yi tun ranar karɓa, ba ya kuma buƙatar boko mai zurfi. A ɗauki dukan nairar da ake sa ran samu, uwa da riba, a raba ta da yawan jakar da za a biya. A misalinmu, miliyan 7 da rabi a raba gida dubu biyar ya ba da 1,500. Ma'ana, ranar da jaka ta kai naira 1,500 riba ta ƙare ƙaƙaf, duk abin da ya haura nan kuwa daga jarin mutum zai fita. Tazarar 1,250 zuwa 1,500 naira 250 ce kacal. Tambayar da mai cin bashi zai yi wa kansa ita ce: a cikin watannin nan tara, jaka za ta iya hawa da naira 250? Wanda ya san tarihin naira ba zai ce a'a ba. An karya darajarta a 1986 zamanin Babangida. A Yunin 2016 dala ta tashi daga naira 197 zuwa wajen 280 a rana guda. Sai kuma 2023. Naira takan yi shekaru kamar ta zauna, sannan ta zube lokaci ɗaya, kuma ba a aiko wa ɗan kasuwa sammaci.

Wani zai ce ai in sefa ta hau, kaya ma suna hawa, sai a ƙara farashi. Akwai gaskiya a ciki, amma gaskiyar mai saurin juya kaya ce kawai. Dillalin da ya ɗauki raguna bashi wannan makon, ya sayar mako mai zuwa, ya biya, canji bai samu lokacin cin sa ba. Wanda abin ke kayarwa shi ne mai karɓa da sefa ya bayar bashi da naira, domin 'yan tiredan da suka ɗauki kayansa a tsohon farashi, tsohon farashi za su biya. Haka wanda ya zuba kuɗin a injin niƙa ko motar haya: kuɗin niƙan tiya da kuɗin mota ba sa ninkawa don sefa ta ninka, talakan da ke biya ba shi da abin ninkawar. A wannan yanki kuma jinkiri ba zaɓin mutum ba ne kullum. A Satumban 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako saboda 'yan bindiga, aka katse layukan waya. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Wanda ya yi niyyar biya cikin wata biyu yana iya wayar gari wata takwas sun shuɗe, kayansa a ɗaure, bashinsa yana girma.

Kada a ɗauka rashin ilimi ne ke jawo wannan. Kamfanin waya na Etisalat Najeriya ya ci bashin dala biliyan 1.2 daga bankunan Najeriya 13 a 2013. Masu sayen katinsa naira suke biya. Da naira ta faɗi a 2016 biya ya gagara, iyayen kamfanin na Abu Dhabi suka janye a 2017, aka sauya masa suna zuwa 9mobile. MTN Najeriya kuwa, duk yawan masu amfani da layinsa, ya rufe shekarar 2023 da asarar naira biliyan 137, saboda asarar canji da ta kai wajen naira biliyan 740 a kan basussuka da hayar da ke ɗaure da dala. Kamfanonin nan suna da ƙwararrun akantoci rututu. Abin da ya same su shi ne ya samu mutumin Zurmi, bambancin yawan sifili ne kawai.

Sefa tana da wata siffa da ba kowa ke lura da ita ba. An ɗaure ta da yuro, a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Saboda haka mai bashin sefa, a haƙiƙa, bashin kuɗin Turai ke kansa. Ko da naira ta tsaya cak a gaban dala, in yuro ya ƙara ƙarfi a kan dala, jaka za ta hau a Shinkafi. An ga haka a 2025, da yuro ya tashi daga wajen dala 1.03 a farkon shekara zuwa wajen 1.17 a tsakiyarta. Wanda ke sauraron farashin dala kawai a rediyo, rabin labarin bashinsa yake ji. Ita ma sefa an taɓa karya ta da rabi a Janairun 1994, a lokacin mutanen Nijar masu bashin kuɗin waje ne suka sha irin wannan. Naira ma takan farfaɗo, kamar yadda ta yi a Maris da Afrilun 2024 kafin ta sake komawa. Amma wanda ya jinkirta biya yana jiran naira ta farfaɗo ya bar kasuwanci ya koma caca.

Ta fuskar shari'a ma babu mafita ga mai cewa a duba abin da kuɗin ya kai da naira ranar da ya karɓa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa bashin da aka ƙulla da wani kuɗi da irinsa da adadinsa ake biya, ba da ƙimarsa ba. In ɓangarorin biyu sun yarda a biya da naira, malamai sun halatta, amma a kan farashin ranar biya, kuma a miƙa a nan take, kamar yadda hadisin Abdullahi ɗan Umar kan dinari da dirhami ya nuna. Rigimar da ke raba zumunci takan faro ne daga bashin da aka yi da baki: wannan ya ce sefa ya bayar, wancan ya ce naira ya ƙirga. Shi ya sa umarnin rubuta bashi da ke cikin Suratul Baƙara ya fi nauyi a bakin iyaka. A rubuta sunan kuɗin, a rubuta adadi da wa'adi, a sa shaidu.

Ba ina cewa a daina karɓar sefa ba ne. Wanda ke kai gero ko masara Maraɗi ana biyansa da sefa, bashin sefa bai zame masa barazana ba, tunda da abin da yake samu zai biya. Gargaɗin na mai samun naira zalla ne. In dole ta sa ya karɓa, ya gajarta wa'adi, kada ya ba da kayan bashi mai tsawo, kuma duk ranar kasuwar da ciniki ya shigo ya sayi rabon sefar da ke kansa ya aika wa mai ita, ko ya ajiye ta a sefarta. Da mutuminmu ya riƙa biyan jaka ɗari biyar ko ɗari shida kowane wata tun daga Yuni, da kaso mai yawa ya fita kafin babbar faɗuwar farkon 2024. In kuma abin da za a saya inji ne ko mota, gara a nemi haɗin gwiwa, mai sefa ya shigo a raba riba a raba asara, ko a nemi bankin Musulunci irin Jaiz ya saya ya sayar wa mutum a kan farashin naira tsayayye. A takarda zai fi tsada, amma mai biya ya san adadin da ke kansa tun ranar farko.

Ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan dillalai na Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ku ake kira shaida in za a ƙulla, ku ake kira sulhu in ta ɓaci. Kafin ku sa hannu a kan bashin sefa, ku tambayi mai karɓa da wane kuɗi yake ciniki, ku sa shi ya raba nairar da yake sa rai da yawan jakar da zai biya a gabanku. In amsar ta yi kusa da farashin ranar, ku hana shi karɓa.