Abokin Aiki Mai Bakin Banza: A Tare Shi Ko A Kai Shi Gaba?

Da wuya a zagaya ofisoshi da makarantu da asibitocin Kontagora ba a tarar da irinsa ba: mutumin da kullum yana da abin cewa a kan jikin abokiyar aikinsa, ko tafiyarta, ko zawarcinta, ko dalilin da ya sa har yanzu ba ta haihu ba. Idan ta haɗe rai, ya ce wasa yake yi. Wannan kariya ta "wasa ne" tana da ƙarfi a wurinmu, domin mun saba da barkwanci tsakanin taubasai, da tsakanin Nufawa da Katsinawa, da Fulani da Barebari. Sai dai wancan wasa kowa ya san iyakarsa, kuma kowane ɓangare yana ramawa yana dariya. Maganar da ake maimaita wa mutum guda, yana nuna ba ya so, ana ci gaba, ta fita daga wasa ta zama cin zarafi. Zan yi magana da mace ne a nan domin ita abin ya fi shafa, amma namijin da ake yi wa gori a kan ƙabila ko addini ko wata nakasa, shawarar ta haɗa da shi.

Tambayar da ke hana mata da yawa barci ita ce: in same shi in faɗa masa, ko in wuce wajen shugaba kai tsaye? Kafin ki zaɓa, ki fara duba wane ne shi a kanki. Shi yake sa hannu a takardar hutunki? Shi yake cike fom ɗin ƙarin girmanki, ko tsara jadawalin aikin dare, ko raba azuzuwa? Idan yana da irin wannan iko, kada ki tare shi ke kaɗai. Ranar da kika ce masa ya daina, washegari yana iya fara tara miki laifi: yau latti, gobe takardar tuhuma, jibi canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye. In kika kai ƙara bayan haka, sai a ce haushin tuhumar ne ya sa kika ƙulla masa sharri. Wanda ya fara shigar da takarda a fayil, labarinsa ake fara karantawa. Haka nan idan magana ta kai ga taɓa jiki, ko tare hanya, ko barazana, ko ciniki irin na "ki ba ni haɗin kai in gyara miki takardunki", babu sauran zancen lallashi. Wannan na hukuma ne tun ranar farko.

Inda tarar mutum ke da amfani shi ne idan matsayinku ɗaya, abin bai wuce fatar baki ba, kuma ba kya jin tsoron zai cutar da ke. Ko a nan ma ba dole ba ne. Amfaninsa biyu ne. Wani mutumin da gaske bai san ya wuce gona da iri ba, domin kunyarmu takan sa mace ta sunkuyar da kai ta yi murmushin yaƙe, shi kuma ya ɗauka ta ji daɗi. Na biyu ya fi muhimmanci: duk kwamitin da zai zauna a kan maganar, abin da zai fara tambaya shi ne ko mutumin ya san ba a so. Idan kin faɗa masa a fili, a gaban shaida, kin toshe masa wannan ƙofa.

A ɗauki misali. A ce wata malama ce a wata makarantar kuɗi a cikin gari, mijinta ya rasu, akwai wani malami da suke zama ɗakin malamai ɗaya. Kusan kullum sai ya ce wani abu: atamfar nan ta fito da ita, bazawara ba ta kwana da yunwa, da makamantansu. Abin da ya kamata ta fara yi, tun kafin ta buɗe baki, shi ne ta samu ɗan littafi da za ta ajiye a gida, ba a ofis ba. Duk ranar da ya yi magana ta rubuta kwanan wata, da lokaci, da wurin, da ainihin kalmomin da ya faɗa, da sunan wanda ke wurin. "Yana damuna kullum" ba ya tsayawa a gaban kwamiti. "Ranar Talata bayan tashi daga taron safe, a ɗakin malamai, ya ce kaza, malamar lissafi tana zaune" yana tsayawa. Idan ya turo saƙo ta WhatsApp, kada ta goge don haushi. Ta ɗauki hoton saƙon yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, ta kuma bar asalin saƙon a wayar.

Sannan ta zaɓi lokaci da rana tsaka, a wurin aiki, ƙofa a buɗe, da mutum ɗaya mai mutunci a kusa. Ba a cikin taron jama'a ba, domin wanda aka kunyata a bainar jama'a kare kansa zai yi, ba gyara ba. Ba kuma a keɓe ba. Maganar kada ta wuce jimla uku: "Malam, maganganun da kake yi a kan jikina da zamana ba aure ba na son su. Ka daina daga yau. Mu tsaya a kan aiki." Kada ta haɗa da dariya, kada ta fara da ban haƙuri, kada ta tsaya musu idan ya ce ai wasa ne. Ta ce, "Na ji, amma ba na so," ta tashi. Da yamma ta rubuta a littafinta cewa ta faɗa masa, da wanda ya ji.

Sau ɗaya ake yin wannan. Nan ne mata da yawa ke ɓata watanni, suna ja masa kunne yau, su sake gobe, har ya gane cewa jan kunnen ba shi da haƙora. Alamomin da za ta duba a makonnin da ke biye ba su da wuyar ganewa. Idan ya ɗaure fuska ya daina gaishe ta amma ya kama bakinsa, an yi nasara. Ba ta zo neman aboki ba. Idan ya sake, ko ya koma habaici a gaban mutane, ko ya fara yawo da sunanta, ko ya shiga zuga wasu su ƙaurace mata, to lokacin takarda ya yi.

Akwai hanya ta uku da mutanenmu suka fi so, wato a samu wani dattijo a wurin aiki ya yi masa faɗa. Tana aiki wani lokaci, musamman idan mai laifin yana jin nauyin dattijon. Haɗarinta shi ne sulhu irin na "ku yi haƙuri da juna", inda ake raba laifi biyu, a ce ita ma ta rage kwalliya, a tashi ba a rubuta komai ba. In za ki bi ta nan, ki ɗauke ta a madadin tarar mutumin da kanki, ba a madadin kai ƙara ba. Batun gaya wa miji ko yayye kuwa, kowa ta san gidansu. Samun goyon bayan gida babban abu ne, amma a yi tunani tukuna, domin wani mijin maganinsa kawai shi ne ta ajiye aikin, wani yayan kuma sai ya je ya ci kwalar mutumin a bakin ofis, magana ta koma wajen 'yan sanda a kan duka, a manta da asalin laifin.

Kai ƙara ma yana da yadda ake yi. Tsayar da shugaba a baranda a faɗa masa da baki ba ƙara ba ce, gobe yana iya cewa bai tuna ba. Ki rubuta takarda shafi ɗaya, ki yi kwafi biyu, ki miƙa ta inda ake karɓar wasiƙu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinki. A ciki ki jera abin da ya faru da ranakunsa, ki ambaci ranar da kika ce masa ya daina, ki faɗi abin da kike nema: a hana shi, ko a raba muku wurin zama, kuma kada a taɓa aikinki. Ki rubuta abin da ya faɗa, kada ki rubuta abin da kike ganin shi ne. Kalma irin "ɗan iska" ko "mazinaci" tana ba shi damar juya maganar ta zama ƙarar ɓata suna a kanki. Saboda wannan dalili ne kuma bai kamata ki kai shi Facebook ko zauren WhatsApp na ma'aikata ba. Idan shugaban da za ki miƙa wa takardar shi ne mai laifin, ko amininsa ne, ki tsallake zuwa na sama da shi, ki ba ƙungiyarku kwafi, NUT ce ko NULGE ko ƙungiyar ma'aikatan jinya.

Shugabanni da yawa ba su san cewa shirunsu yana iya jawo wa ma'aikatar hukunci ba. Gyaran da aka yi wa tsarin mulkin 1999 a shekarar 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar wariya da cin zarafi na lalata a wurin aiki, a sashe na 254C. Ƙa'idojin kotun na 2017 sun lissafa magana kaɗai a cikin irin wannan cin zarafi: habaicin batsa, barkwancin batsa, sharhi a kan jikin mutum, tambayar sirrin kwanciyarsa, har da fito. Ke nan ba sai an taɓa ki ba. A watan Disamba na 2013, a Legas, kotun ta yanke hukunci a shari'ar Ejieke Maduka da kamfanin Microsoft. Matar ta ce shugaban kamfanin na Najeriya yana cin zarafinta, da ta ƙi yarda aka sallame ta daga aiki. Kotu ba ta tsaya kan mutumin kaɗai ba, ta ɗora wa kamfanin alhaki, ta sa mutumin da reshen kamfanin na Najeriya da uwar kamfanin kowanne ya biya diyyar sama da naira miliyan 13. Bayan haka, a 2022, Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan cin zarafi a wurin aiki. Ga ma'aikatan gwamnatin tarayya kuwa, dokokin aikin gwamnati sun sa irin wannan hali cikin manyan laifuffukan da ke iya kai mutum ga kora.

Kada wannan ya sa a ɗauka hanyar a share take. Shari'a tana cin lokaci da kuɗin lauya, kuma daga Kontagora sai an yi ta zirga-zirga zuwa Minna. A ƙananan wuraren aiki, inda mai makaranta ko mai asibiti shi ne wuƙa shi ne nama, mai laifin ma wataƙila ƙaninsa ne, ma'aikaciyar da ba ta da ko takardar ɗaukar aiki tana iya rasa gurbinta cikin mako guda. Wadda ke cikin irin wannan hali ta nemi shawara a waje kafin ta miƙa komai, a ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ko wajen ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a Minna. Ta kuma tattara duk abin da ke nuna cewa tana aiki a wurin kuma ba a taɓa kama ta da laifi ba, kamar saƙon shigar albashi daga banki da katin shaidar aiki, ta ajiye kwafinsu a gida tun kafin shugaba ya ji labari.