Saƙo huɗu kafin a kai ga faɗa: Yadda 'yan Kwari ke bin bashinsu cikin lalama

Duk wanda ya san Kantin Kwari a Kano ya san ba duk kayan da ke fita a makonnin kafin Sallah ne ake biya nan take ba. Mai shago daga Funtuwa ko Gusau zai ɗauki atamfa, ya bayar da wani abu, sauran sai "bayan Sallah in Allah Ya kai mu". A wannan bayan Sallar ne zumunci ke ƙarfafa ko ya watse, kuma sau da yawa kalaman da mai kaya ya tura a waya ne ke raba gardama.

Mu ɗauki misalin ɗan kasuwar da ya bai wa wani mai shago turmi 60 a kan naira 9,000 kowanne. Kuɗin kaya ya kama 540,000. An biya 200,000, saura 340,000, da alkawarin cikawa mako biyu bayan Sallah.

Gogaggen ɗan kasuwa ba ya jira ranar ta wuce. Kwana uku kafin ta cika yake tura saƙon farko ta WhatsApp, haɗe da hoton shafin littafinsa: "Salamu alaikum Malam, an yi Sallah lafiya? Ya iyali, ya kasuwa? Ina duba littafi ne na ga saura 340,000 a tsakaninmu. Duba naka ka gani ko mun yi daidai."

A nan bai nemi ko sisi ba. Abin da yake so shi ne a amsa masa da "haka ne, Alhaji". Rigimar bashi ta fi yawa a kan adadi: wannan ya ce ya turo dubu hamsin ta hannun direba, wancan ya ce bai gani ba. Idan aka daidaita lissafi tun ana dariya, an toshe wannan ƙofar. Shi ya sa ma rubutu ya fi saƙon murya a wannan mataki, ko da yake 'yan kasuwa sun fi son murya. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi ta sauka.

Rana ta wuce da kwana biyu, shiru. Saƙo na biyu sai ya zo da dalili: "Malam, ni ma masu kaya sun matsa mini, ranar Litinin zan cika musu. Wace rana zan sa ran naka?" Wannan ba ƙarya ba ce a mafi yawan lokuta, domin shi ma babban dila ne ya ba shi. Amfaninsa kuwa shi ne ya sauke wa mai shagon kunya, kuma ya tilasta masa ambaton rana. "In sha Allahu kwanan nan" ba rana ba ce.

Saƙo na uku, bayan kamar mako guda, shi ne a ganina ya fi wuya, domin rai ya fara ɓaci. Maimakon zafi, sai a buɗe hanya: ya riƙa turo 85,000 duk Juma'a har mako huɗu, ko ya dawo da abin da bai sayar ba. Idan turmi 20 suka dawo lafiya, 180,000 ta fita, saura 160,000. Mai kaya ba ya son haka, don zanen da aka yi yayinsa da Sallah ba lallai ya tafi da sauri ba yanzu, amma ya fi kuɗin da ke kwance a hannun wani alhali farashin sari na hawa. Ƙara wani abu a kan bashin saboda jinkiri kuwa riba ce, ba a shigar da ita cikin magana.

A wannan mataki ake gane mutum. Wanda kasuwa ta juya wa baya yakan ɗaga waya, ya faɗi abin da ya faru, wataƙila shi ma matan unguwa ne suka ɗauka bashi, ya turo ko dubu ashirin ce. Wanda ke zillewa kuwa saƙo na nuna an karanta, ba amsa. Babbar alama ita ce a ji labarin ya shigo Kano ya yi sari da kuɗi hannu a wani layin.

Sai saƙo na huɗu, gajere: "Malam, ban so maganar nan ta wuce mu biyu ba. Idan ban ji daga gare ka ba zuwa Juma'a, zan sanar da Alhajin da ya haɗa mu." Ana faɗa masa ne tukuna kafin a yi, domin wanda ya tsaya masa shi ne jarinsa na gaskiya a kasuwar, kuma da yawa a nan suke nemo kuɗin.

Wasu kan tsallake duk wannan su nufi ofishin 'yan sanda. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma bashin kaya a nan ya faɗa. Idan mai tsayawa ya gaza, sai shugabannin kasuwa, sannan kotu, inda amsar nan ta "haka ne, Alhaji" da hoton littafi za su yi aiki.