Wasiƙar da ke raka yarjejeniyar da aka gyara

Mai duba rubutu da ke zaman kansa, idan zai mayar wa ofishin lauyoyi yarjejeniyar da ya gyara, yakan haɗa ta da gajeren saƙon imel. Bayan gaisuwa da sunan takardar, saƙon yakan rarrabe abu biyu: abin da aka gyara, da abin da ake tambaya.

Gyara na kuskuren da babu jayayya a kansa ne, kamar harafin da ya faɗi ko lambar sakin layi da aka maimaita. Wannan a dunƙule ake ambatonsa.

Tambaya kuwa ita ce mai nauyi. A ce yarjejeniyar haya ta sa ₦500,000 da lambobi, amma da kalmomi aka rubuta naira miliyan biyar. Mai duba rubutu ba shi da hurumin zaɓar ɗaya, ko da yana ganin ya san daidai, domin bai halarci cinikin ba. Sai ya rubuta: “Ranka ya daɗe, a sashe na 4 adadin biyu sun saɓa. Wanne aka amince da shi?” Wurin yakan zauna yadda yake har lauya ya amsa.